Hangen Masifa da Takardar da Ke Yi Masa Shari'a

Mu ɗauki wani tela a matsayin misali. Saura kwana goma Sallah, ɗinki ya cika shago, ga wani Alhaji da ya shekara shida yana kawo masa aiki ya aiko da shadda yadi biyar a yi masa kaftani. Da daddare, ido ya gaji, telan ya buɗe littafin awo ya karanta layin wani mutum daban. Sai da ya haɗa rigar ya lura hannuwan sun gaza da inci biyu. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Amma kafin ya kai gida, zuciyarsa ta riga ta yi nisa. Alhaji zai fusata. Zai daina kawo ɗinki. Zai faɗa wa abokansa a majalisa, su ma su janye. Shago zai mutu, kuɗin haya ya gagara, mai gida ya watso musu kaya waje, yara su bar makaranta. Ƙarfe biyu na dare yana kwance idonsa biyu, ƙirjinsa na dukan uku-uku, yana ganin hoton keken ɗinkinsa a ƙofar shago an sa shi a kasuwa. Daga inci biyu zuwa tsiyacewa bai ɗauki minti goma ba.

Wannan shi ne abin da nake kira hangen masifa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da saninsa. Albert Ellis, wanda ya yi aikinsa a New York tun shekarun 1950, shi ake dangantawa da raɗa masa suna a Turance. Aaron Beck kuma, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, ya lura a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa da ke zuwa wurinsa suna da wasu tunane-tunane masu faɗowa da kansu cikin ƙiftawar ido, ba a gayyace su ba, kuma mai su yakan karɓe su kamar gaskiyar da ba ta bukatar bincike. Daga nan ya gina hanyar magani da ke koya wa mutum ya kama irin wannan tunani ya duba shi. A littafin da ya fitar da abokan aikinsa a 1979 akwai takardar rubuta tunani ta yau da kullum, kuma ita ce uwar da yawa daga cikin ire-iren da ake amfani da su yanzu.

Kurakurai uku ne ke haɗuwa su haifi hangen masifa, kuma gara a rarrabe su tun da wuri, domin kowanne da tambayar da ke warware shi. Mutum yakan kambama yiwuwar abin, wato abin da zai iya faruwa ya koma abin da tabbas zai faru. Yakan kambama muninsa, ɓacin ran kwana biyu ya koma ƙarshen rayuwa. Sannan yakan manta da kansa baki ɗaya: a cikin hoton da telan nan yake gani babu shi yana ba da haƙuri, babu shi yana neman mafita, babu maƙwabcin shago ko tsohon ubangidansa da zai taimaka. Labarin yana tsayawa cak a wuri mafi muni, kamar an yanke fim a daidai lokacin da mota ta ƙwace.

Akwai kuma abin da ke ƙara wa wutar fetur, wato jiki. Zuciya ta buga, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa, sai mutum ya ɗauki wannan a matsayin shaida: tunda gabana ke faɗuwa haka, lallai akwai abin da ke tafe. Alhali tunanin ne ya jawo faɗuwar gaban, ita kuma ta dawo tana yi wa tunanin shaida. David Clark na Jami'ar Oxford ya bayyana wannan zagaye a 1986 game da masu firgita ta farat ɗaya: mutum ya ji bugun zuciya ya ƙaru, ya fassara shi da ciwon zuciya, fassarar ta ƙara bugun, ƙarin bugun ya tabbatar masa da fassarar. Hausawa na cewa faɗuwar gaba asarar namiji, kuma maganar tana da gaskiyarta, sai dai takan sa maza da yawa su ɓoye abin da ke cin su don kada a ce sun gaza. Mai wannan hali ba rago ba ne. Sau da yawa wanda maciji ya taɓa sara ne, shi ya sa baƙin tsumma ke razana shi.

Abin da muka saba yi wa irin wannan mutum shi ne lallashi. "Kada ka damu, ba komai, Allah na nan." Magana ce ta ƙauna, kuma takan sanyaya rai na ɗan lokaci. Matsalarta ita ce ba ta taɓa tunanin da kansa. Telan ya san akwai komai, tunda ga rigar nan hannunta gajere. Wanda ya ce masa ba komai, a ransa zai ce wannan bai fahimci girman abin ba. Cewa ya daina tunanin ma ba ya aiki, don duk wanda ya taɓa ƙoƙarin korar tunani da ƙarfi ya san yadda yake dawowa.

Takardar binciken tunani wata hanya take bi. Tana ɗaukar tsoron da muhimmanci, ta zaunar da shi kamar mai ƙara a gaban alƙali, ta ce masa ya faɗi ƙararsa dalla-dalla ya kawo shaidu. Dalilin da ya sa dole a rubuta shi ne, a cikin kai tsoro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka amsa masa kan Alhaji, ya tsallaka kan haya. Ka amsa kan haya, ya koma kan yara. Biro yana tilasta masa ya tsaya a jimla ɗaya har a gama da ita. Kuma rubutu a hankali ake yin sa, wannan jinkirin kansa yana rage gudun zuciya.

Ɗaya daga cikin samfuran da suka fi yaɗuwa shi ne mai gida bakwai, wanda Dennis Greenberger da Christine Padesky suka fitar a littafinsu na 1995. Ba ya bukatar komai sai littafin rubutu da biro. Bari mu bi telanmu ya cike shi.

Gidan farko na abin da ya faru ne, tsurarsa, kamar yadda kyamara za ta ɗauka. Ya rubuta: "Daren Talata, a shago, na gano hannun kaftanin Alhaji ya gaza da inci biyu." Da ya rubuta "na lalata komai", da ya riga ya shigo da hukunci inda ba wurinsa ba. A gida na biyu ya sa sunan abin da yake ji da nauyinsa cikin ɗari: tsoro 90, kunya 75. Wannan lamba ba awon likita ba ce, amfaninta kawai a samu abin da za a gwada da shi idan an gama.

Gida na uku shi ne inda aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin gaggawa. Ana rubuta duk abin da ya ratsa zuciya, har da hotuna. Telan zai fara da "Alhaji zai yi fushi". Sai ya tambayi kansa: in ya yi fushin, me hakan zai jawo mini? Zai daina zuwa. In ya daina zuwa fa? Zai ɓata mini suna. A ci gaba da gangarowa haka har a taɓo tunanin da ya fi ƙuna, wanda da an rubuta shi ake jin ƙirji ya amsa. Ga shi telan, shi ne "shagon nan zai mutu".

A nan akwai wani sharaɗi da nake ganin ya fi duk sauran muhimmanci. "Shagon nan zai mutu" ba ƙara ba ce da za a iya saurara, domin ba ta da lokaci, ba ta da ma'auni. Sai an mayar da ita hasashe da za a iya cewa ya faru ko bai faru ba. Telan ya gyara: "Saboda wannan riga, kafin wata uku fiye da rabin masu kawo mini ɗinki za su daina zuwa, har in kasa biyan hayar shago." Ya kuma rubuta yadda ya yarda da hakan: 80 cikin ɗari. Haka nan tambaya irin ta "to in kaza ya faru fa?" ba a barin ta a matsayin tambaya, ana juya ta ta zama magana kai tsaye. Ba a iya kawo shaida a kan tambaya.

Gida na huɗu na shaidun da ke goyon bayan tsoron ne, kuma ana fara da su da gangan, don kada takardar ta zama wani lallashin. Abin da ake karɓa a matsayin shaida shi ne abin da wani mutum daban zai iya gani ko ji ya tabbatar. Telan yana da su: rigar ta ɓaci da gaske; shaddar mai tsada ce; Alhaji ya taɓa ɗaga masa murya a kan jinkiri; kuma Alhajin ne ya kawo masa mutum huɗu daga cikin abokansa. Ya so ya ƙara "ina ji a jikina ba zai yafe ba", amma wannan ji ne, wurinsa gida na biyu ko na uku. "Kowa ya san masu kuɗi ba su da uzuri" shi ma ba ya shiga, domin zato ne da aka yi wa rawani.

Gida na biyar, shaidun da ke karo da tsoron, shi ya fi wuya, saboda mai fargaba ƙwaƙwalwarsa abin da ya dace da fargabar kaɗai take miƙo masa. Shi ya sa ake taimaka mata da tambayoyi. Na taɓa shiga irin wannan, me ya biyo baya? Da wani tela abokina ne ya zo mini da wannan labari, me zan tuna masa? Akwai wani abu da na sani amma nake tsallake shi? Telan ya buɗe littafin awonsa ya ƙirga, ya samu sunaye kusan sittin da suka kawo aiki a cikin shekarar, Alhaji da abokansa mutum biyar ne a ciki. Ya tuna ya taɓa ɓata aiki sau uku a shekara goma sha biyu: biyu sun ci gaba da zuwa, ɗaya ya tafi, shago bai girgiza ba. Ya tuna cewa bayan faɗan da Alhaji ya yi masa a kan jinkiri, wata biyu ba a yi ba ya sake aiko da yadi. Sannan abin da tsoro ya rufe masa ido a kai tun farko: jikin rigar lafiya lau yake, hannu ne kawai, kuma in aka samu irin shaddar a kasuwa, yadi ɗaya ya isa a sake yanka su, ga kwana goma a gaba.

Ga mai hangen masifa akwai wani lissafi da ya dace a yi a gefen takardar, domin tsoronsa sarƙa ce, kuma ƙarshenta ba zai auku ba sai kowace gaɓa ta auku. A ce telan ya ƙiyasta da kansa, ba tare da sassauci ba. Cikin sau ɗari da irin wannan zai faru, sau 80 Alhaji zai fusata sosai. Cikin waɗannan, a rabi zai daina zuwa, saura 40. Cikin 40 ɗin, a ce kashi biyu cikin biyar zai bi abokansa yana hana su, saura 16. Cikin 16, sau nawa maganar za ta bazu har rabin mutum sittin su gudu? Ko an ce ɗaya cikin biyar, saura 3. Kuma ko a cikin ukun nan, ba duka ne za su kai ga rufe shago ba. Abin da ya ba 80 cikin ɗari, da lissafin bakinsa bai wuce 2 ko 3 ba. Lambobin ƙiyasi ne, ana iya ja da kowacce, amma darasin da ke cikinsu ba ya canzawa: ƙarfin gaɓar farko ne zuciya take ɗauka ta liƙa wa ta ƙarshe. Fushin Alhaji abu ne mai yiwuwa ƙwarai, shi ya sa mutuwar shago ta ji kamar mai yiwuwa ƙwarai.

A gida na shida ake rubuta hukunci, wato magana ɗaya da ta ɗauki shaidun ɓangarorin biyu. "Komai zai yi daidai" ba hukunci ba ne, don ya watsar da gida na huɗu, kuma telan ba zai yarda da shi ba. Abin da ya rubuta shi ne: "Na yi kuskure na gaske, zai ci mini kuɗin yadi da kunya, wataƙila ma in rasa Alhaji. Amma rigar tana gyaruwa, kuma ko na rasa shi da abokansa duka, mutum biyar ne cikin sittin. Zan ji a jikina, shago ba zai mutu ba." Ya yarda da wannan 70 cikin ɗari. A gida na bakwai ya sake auna kansa: tsoro ya sauko daga 90 zuwa 50, kunya daga 75 zuwa 60. Bai koma sifili ba, kuma bai kamata ya koma ba, tunda har yanzu akwai magana mai nauyi da ke jiran sa da safe. Hamsin dai tsoro ne da mutum zai iya barci da shi ya tashi ya yi abin da ya dace.

A ganina takardar da ta tsaya a nan rabin aiki ta yi. Mutane da yawa kan ce, kaina ya yarda amma zuciyata ba ta yarda ba, kuma gaskiya suke faɗa. Zuciya gani take so, gani kuwa ya kori ji. Saboda haka masu wannan hanyar magani suke haɗa takardar da gwaji a aikace: a rubuta hasashen tun kafin lokaci, a je a yi abin da ake tsoro, a dawo a rubuta abin da ya faru. Dabarar da tsoro ke ba telan ita ce ya kashe waya, ko ya aika yaro da rigar ya yi shiru ko Allah zai sa ba a lura ba. In ya yi haka ya tsira, zai ce ɓuyan ne ya cece shi, tsoron ya zauna daram. Gwajin shi ne ya kira da kansa: "Alhaji, ranka ya daɗe, na yi kuskure a hannun rigarka. Laifina ne. Zan nemo irin shaddar da kuɗina in sake yanka su, ka samu kayanka kafin Sallah." Kafin ya kira ya rubuta abin da yake tsammani, cewa Alhaji zai zage shi ya kashe waya. Bayan ya kira ya rubuta ainihin kalmomin da aka faɗa masa. Bayan wata uku kuma ya dawo kan hasashensa na farko ya ƙirga sunayen da ke littafin awo.

Ban ce Alhaji zai yi dariya ya ce ba komai ba. Yana iya yin faɗa sosai, yana iya karɓe shaddarsa ya tafi. Ko hakan ta faru gwajin bai lalace ba, domin ya amsa tambaya ta biyu da ta uku: yaya munin abin yake idan ya zo, kuma na iya ɗaukarsa?

An taɓa auna sau nawa abin da ake tsoro yake faruwa a Jami'ar Jihar Pennsylvania. Lucas LaFreniere da Michelle Newman sun sa mutum 29 masu ciwon yawan fargaba su riƙa rubuta abubuwan da suke tsoro na kwana 10, aka kuma bi diddigin sakamakon har kwana 30. Kusan kashi 91 cikin ɗari na abubuwan ba su faru ba. Mutanen kaɗan ne, ɗalibai ne a Amurka, don haka ba lamba ba ce da za a ɗora wa kowa a ko'ina. Abin ɗauka a ciki shi ne hanyar. Ba tare da rubutu ba, tsoro ɗaya da ya tabbata shi ake tunawa, tara da suka wuce salin-alin a manta da su. Wanda ya tara takardu ashirin yana da tarihin hasashensa a hannu, zai iya ganin sau nawa zuciyarsa ta yi masa gaskiya.

Takardar tana da inda take ɓaci, kuma ana ganewa. Idan an gama nauyin tsoro bai motsa ba ko kaɗan, yawanci ɗaya cikin biyu ne: ko ba a kai ga tunanin da ya fi ƙuna ba, an yi shari'ar ƙaramin an bar babban, ko kuma hukuncin da aka rubuta daɗin baki ne da mai shi bai yarda da shi ba. Wani telan, abin da ke cin sa a ƙasa ba haya ba ce, "ni dama ban iya komai ba" ne, kuma shaidu a kan haya ba za su taɓa wannan ba. Haka nan cike takarda a tsakiyar firgita yana da wuya. Gara a bari jiki ya ɗan lafa, a kuma fara koyo da ƙananan damuwoyi kafin manya. Wanda ba ya rubutun boko yana iya yi da ajami, ko ya samu wanda ya amince da shi ya riƙe biron, muddin shaidun daga bakinsa za su fito.

Akwai kuma inda ba ta dace ba sam. Mai ciwon waswasi, irin wanda ke maimaita alwala sau goma ko ya koma duba ƙofa sau ashirin, takardar tana iya zame masa wani sabon abin maimaitawa, ya riƙa cike ta don neman tabbacin da ba ya ƙosar da shi. Alamar ita ce rubuta tsoro ɗaya kullum, a samu sauƙin minti kaɗan, a sake dawowa. Maganinsa wani salo ne daban da ake yi tare da ƙwararre. Mai jin ciwon ƙirji ko wata sabuwar alama a jiki likita zai fara gani, bayan an duba shi ne takarda take da abin cewa. Macen da mijinta ke dukanta, ko mutumin da ke zaune inda 'yan bindiga ke kai hari, tsoronsu yana da shaidu cike da gida na huɗu, kuma takardar gaskiya za ta nuna hakan. Abin da suke bukata tsarin kariya da taimako ne, zalunci ne a ce musu tunaninsu ne ya karkace. Wanda kuma damuwa ta hana shi ci da barci makonni, ko ya fara tunanin raba kansa da duniya, asibiti ya kamata a kai shi ba tare da jinkiri ba, irin su asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, ko sashen masu wannan lalura a asibitocin koyarwa.

Wasu kan tambaya ko wannan lissafi bai ci karo da tawakkali ba. Ban ga inda suka yi karo ba. Mai hangen masifa ne ma yake magana kamar ya san gobe, yana yanke cewa kaza zai faru tabbas. Takardar tana dawo da shi kan abin da ya sani da abin da ke hannunsa. A wurin telanmu, wannan na nufin ya yi addu'arsa, gari ya waye ya kira Alhaji, sannan ya yanki ƙyallen shaddar ya sa a aljihu ya nufi kasuwa neman irinta.